Tsutsar da ke Cin Masararmu: Wace ce, Kuma Ina Ta Kai a Girma?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga yankin Saminaka a Jihar Kaduna. Bana mahaifina ba shi da lafiya, ya damƙa mini gonarsa ta masara, kuma da kuɗin bashi muka sayi taki. Masarar ta yi mako huɗu, sai na ga wata tsutsa tana yayyaga ganye. Mai sayar da magani ya ce tsutsar kara ce, maƙwabcinmu kuma ya ce baƙuwar tsutsar nan ce da ta addabi mutane, kowa da maganin da yake so in saya. Ga hoto uku na turo: ɗaya tana kan tafin hannuna, ɗaya na ajiye ta kusa da tsinken ashana, ɗaya kuma na ganyen da ta ci. Don Allah mene ne sunanta, kuma ƙarama ce ko ta riƙa? Ina tsoron in kashe ɗan abin da ya rage a banza, in kuma ba mahaifina kunya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka albarka.

Maƙwabcinku ne ya yi daidai. Tsutsar da ke cikin hotonka na biyu ita ce wadda masana ke kira Spodoptera frugiperda, kuma a iya abin da hoton ya nuna mini tana mataki na 5 cikin matakai 6 da take bi kafin ta shiga ƙasa, wato ta kusa riƙa, saura ƙiris. Asalinta daga nahiyar Amurka take, kuma a farkon shekarar 2016 aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya da wasu ƙasashe maƙwabta, sannan cikin 'yan shekaru ta game kusan duk inda ake noman masara a nahiyar. Saboda haka kada ka ga laifin wanda ya rikita ta da tsutsar kara, domin dattawanmu sun yi shekaru aru-aru suna noma ba su san ta ba. Amma ba na so ka karɓi maganata don kawai malamin gona ne ya faɗa, na fi so in nuna maka inda na duba, yadda gobe idan ka tsinci wata a gonar za ka iya yanke hukunci da idonka.

Hotonka na farko, wanda ka ɗauka a tafin hannu, bai gaya mini komai ba sai cewa tsutsa ce mai launin ƙasa-ƙasa. Ka ɗauke ta daga gefe, ta naɗe jikinta kamar yadda suke yi idan an taɓa su, kuma kyamarar ta fi mayar da hankali ga zanen hannunka fiye da ita. Irin wannan hoton ne aka fi turo mana, kuma shi ne ke sa mutane su yanke hukunci da launi, alhali launi ne shaida mafi rauni a wannan sha'ani. Wannan tsutsa guda ɗaya tana iya zama koriya, tana iya zama ruwan ƙasa, tana iya yin duhu har ta kusa baƙi, gwargwadon shekarunta da abin da ta ci da yawan cunkoson da ta tashi a ciki. Ita ma waya tana sauya launi tsakanin rana da inuwa. Duk wanda ya kalli launin tsutsa kaɗai ya faɗa maka sunanta, to cinta ya yi, ko da ya dace.

Hoto na biyu ne ya yi aikin, domin ka ɗauke shi daga sama tana miƙe, kai da gindi duka sun fito. Ka buɗe shi a wayarka ka ƙara girmansa, ka fara da kan. Za ka ga kan ja-ja ne mai duhu da ɗan zane-zane kamar raga, kuma a tsakiyar goshin akwai wani farin layi da ya sauko daga ƙeya, ya rabu gida biyu kafin ya kai baki, kamar harafin Y da aka kifar. Daga nan ka bi bayanta har ƙarshe. Jikin tsutsa gaɓa-gaɓa ne, kuma a kan kowace gaɓa akwai baƙaƙen ɗigo huɗu masu ɗan tudu, kowanne da siririn gashi guda. A yawancin gaɓoɓin, ɗigo biyu na gaba sun fi matsowa kusa da juna, biyu na baya sun fi warewa, amma idan ka isa gaɓar da ke dab da ta ƙarshe sai ka ga ɗigon sun fi girma, sun fi baƙi, kuma sun tsaya daidai wa daida kamar kusurwoyi huɗu na ɗaki. Wannan ita ce shaidar da na fi dogara da ita. A hotonka ta fito sarai, ga kuma fararen layuka uku sirara da suka taso daga wuya suka bi tsawon baya.

Ina jaddada cewa sai alamomin biyu sun haɗu, ta kai da ta gindi, domin harafin da ke goshi ba nata ba ne ita kaɗai. 'Yar uwarta ta nan gida Afirka, Spodoptera exempta, ita ma tana da irin wannan zane a goshi, sai dai ita idan ta yi yawa baƙa ce wuluk mai laushin jiki da layuka kore-kore a gefe, ba ta da manyan ɗigon nan huɗu a gindi, kuma halinta daban ne: a fili take cin ganye, dubbai a tare, tana tafiya rundunarta guda daga ciyawa zuwa gona, ba ta ɓuya ɗaya-ɗaya a cikin masara. Akwai kuma Helicoverpa armigera, wadda manoman auduga da tumatir suka sani sarai, ita ce ke huda tumatir ta cusa kanta ciki. Ita tana da ɗigo a baya har ta kan ruɗi mutum a hoto, amma fatarta kaushi gare ta saboda ƙananan ƙayoyi da suka rufe ta, kuma a masara an fi samunta a bakin goyo bayan gemu ya fito, ba a masara 'yar mako huɗu ba. Ita kuwa tsutsar kara da mai magani ya ambata, ko Busseola fusca ce ko Sesamia calamistis, jikinta fari-fari ne ko ruwan hoda, sumul, ba ta da layukan nan na baya, kuma idan ta kai girman wadda ka kama yawanci ta riga ta shige cikin karan, sai ka tsaga shi za ka gan ta. Alamarta ita ce ƙaramin rami a jikin kara da bushewar ganyen tsakiya yayin da na gefe ke nan kore.

Hotonka na uku ya ƙara ƙarfafa hukuncin. Ramukan ganyen manya ne marasa tsari, gefensu a yayyage kamar an ja da farce, kuma a can cikin mazurarin masarar, wato tsakiyar kanta inda sabon ganye yake naɗe, akwai tarin kashi mai ruwan ƙasa kamar jiƙaƙƙen garin katako. Wannan aikin babbar tsutsa ce mai zaune a cikin mazurari. Sai dai ka riƙe cewa hoton ɓarna shi kaɗai ba ya isa a faɗi suna, musamman idan ɓarnar ƙananan ramuka ne a jere, domin duk tsutsar da ta huda ganye yana naɗe, idan ya buɗe sai ramukan su fito a layi, ko wannan ce ko ta kara.

Yanzu sai batun girma, wanda a ganina ya fi sunan muhimmanci ga aljihunka, kuma shi ne mutane suka fi yin kuskure a kai.

Uwar wannan tsutsa wani malam-buɗe-littafi ne na dare mai launin toka, irin waɗanda ke zuwa wurin fitila. Tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule wuri guda a jikin ganye, sau da yawa ta ƙarƙashinsa, ta rufe su da wani gashi-gashi mai launin toka daga jikinta, kuma a lokacin zafi ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3. Abin da ya fito shi ne tsutsa, kuma ita kaɗai ce ke cin amfani a duk rayuwar wannan ƙwaro. Idan ta ƙoshi ta riƙa sai ta sauka ta shiga ƙasa zurfin santimita 2 zuwa 8, ta rikiɗe ta zama wani kwanso ja-ja mai sheƙi, mara ƙafa, mai kama da ƙaramin ƙwallon dabino, ta kwanta a haka kwana 8 zuwa 9, sannan ta fito da fukafukai. Zagayen duka kamar wata guda yake ɗauka a damina. Saboda haka tambayar farko da ake yi wa hoto ita ce wanne ne a cikin huɗun nan, ƙwai ko tsutsa ko kwanso ko mai fukafukai, kuma wannan ba ta da wuya. Mai wuyar ita ce ta biyu: idan tsutsa ce, a wane mataki take?

Tsutsa ba ta girma a hankali kamar ɗan akuya. Saɓa take yi irin ta maciji, kuma tsakanin wannan saɓa da waccan shi ne mataki guda. Fatar jikinta tana miƙewa kamar roba, shi ya sa tsawonta ke ƙaruwa kullum, yana kuma sauyawa gwargwadon ko ta ƙoshi, ko tana tafiya, ko ta takure don tsoro. Ƙoƙon kanta kuwa tauri gare shi, ba ya ƙaruwa ko kaɗan sai ranar da ta yi saɓa ta sami sabo mafi girma. Wannan ne dalilin da ya sa masu binciken ƙwari suke auna faɗin kai, ba tsawon jiki ba, idan suna son sanin mataki. A wannan tsutsa faɗin kan yakan fara daga kamar milimita 0.35 a mataki na 1, ya kai 0.45 a na 2, sai 0.75 a na 3, sai 1.3 a na 4, sai 2.0 a na 5, ya ƙare a kamar 2.6 a na 6.

Na san ba ka da abin auna rabin milimita a gona, amma kana da abubuwa biyu a aljihu da za su wadatar. Kaurin katin cire kuɗi na banki, idan ka dube shi ta gefe, milimita 0.76 ne, kusan daidai da kan tsutsa a mataki na 3. Kaurin tsinken ashana kuma kusan milimita 2 ne, daidai da kanta a mataki na 5. Idan kan bai kai kaurin kati ba, jaririya ce, tana mataki na 1 ko na 2. Idan ya wuce kati amma a fili bai kai ashana ba, tana na 4. Idan ya ɗara ashana, ta kai na ƙarshe. Ka yi dabara sosai da ka ajiye ashanar nan a gefenta, domin ita ce ta ba ni ma'auni. A hotonka faɗin kan ya yi daidai da kaurin tsinken, kuma tsawon jikinta bai kai rabin ashanar ba sai kaɗan, wato wajen milimita 18 zuwa 20 idan ashanar ta kai santimita 4 da ɗoriya kamar yadda aka saba. Tsutsa a mataki na 4 wajen milimita 10 take, a na 5 wajen 17, a na 6 kuma takan wuce 30, ta kusa tsawon ashanar gaba ɗaya. Kai da tsawo duka sun nuna mataki na 5.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi. Jikin tsutsarka ya fi kanta kauri sosai, fatar a miƙe take tana sheƙi, kan ya zama kamar ƙarami a gaban jikin. Tsutsar da ba ta daɗe da yin saɓa ba akasin haka take, kanta yakan yi mata girma, launinsa ya yi haske, jikin kuma ya yi siriri da tamoji. Taka ta ci ta cika fatarta, alamar tana ƙarshen matakin ke nan, kuma ba mamaki kafin wannan amsa ta iso gare ka ta riga ta yi saɓarta ta ƙarshe. Duk da haka, wanda ya yi aiki da hoto dole ya bar wa kansa sararin kuskuren mataki ɗaya sama ko ƙasa, saboda idan kyamara ta ɗan karkata ma'auni yakan gurɓace, kuma wani lokaci tsutsar da ta sha yunwa ko sanyi takan ƙara saɓa fiye da yadda aka saba. Abin da ba na shakka a kai shi ne tana cikin manya, ba cikin ƙanana ba, kuma ga manomi wannan rabon gida biyu shi ne mai amfani.

Bari mu yi lissafin kwanaki da wannan sani, domin a nan ne za ka ga ribarsa. A yanayin damina mataki na 1 yakan ɗauki kwana 3 da ɗoriya, na 2 da na 3 da na 4 kowanne kwana ɗaya da rabi zuwa 2, na 5 kwana 2, na 6 kuma kusan kwana 4, jimilla kamar mako biyu. Tsutsar da ke ƙarshen mataki na 5 ta yi wajen kwana 10 da ƙyanƙyashewa, idan ka ƙara kwanakin ƙwai sai ka ga uwarta ta ziyarci gonarku kwana 12 zuwa 13 da suka wuce, lokacin masarar tana da mako biyu da 'yan kwanaki. A makon da ya biyo baya 'ya'yan suna nan a fili a kan ganye, ƙanana kore-kore masu baƙin kai, suna kankare gefe ɗaya na ganyen su bar ɗaya gefen kamar farar leda da ake hango haske ta cikinta. Wannan kankara ita ce alamar mataki na 1 da na 2, kuma a lokacin ne magani ya fi kama su, domin jikinsu ƙarami ne kuma ba su shige ciki ba. Ban faɗi haka don in sa ka nadama ba, kusan kowa sai ganye ya yage yake lura, na faɗa ne don ka san abin da za ka nema a zagaye na gaba.

Idan muka duba gaba kuma, wadda ka kama da sa'o'inta suna da sauran kwana 4 zuwa 6 na ci, kuma su ne kwanaki mafi muni, domin abin da tsutsa ke ci a mataki na 6 kaɗai ya fi duk abin da ta ci a matakai biyar na baya a haɗe. Daga nan za su sauka ƙasa, sai ka wayi gari ka ga mazurari babu kowa, sabon ganye yana fitowa lafiya. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa, wanda ya yi feshi a makare ya ce maganinsa ne ya yi aiki, wanda bai yi ba ya ce ruwan sama ne ya wanke su, alhali suna kwance ne a ƙarƙashin ƙafarsa. Bayan kwana 8 zuwa 9 za su fito da fukafukai, bayan wasu 'yan kwanaki su fara zuba ƙwai, wato kamar mako biyu da rabi zuwa uku daga yau, daidai lokacin da masararku ke shirin fitar da kai da yin goyo. Wannan zagaye na biyu ya fi na yanzu haɗari, saboda masara tana iya jure yagewar ganye ta farfaɗo muddin tsutsar ba ta cinye idon tsiron da ke can ƙasan mazurari ba, amma abin da aka ci a goyo ba ya dawowa. Wannan lissafi na lokacin zafi ne. A noman rani cikin hunturu matakin tsutsa kaɗai yana iya kai wata guda.

Amma kada ka gina hukuncin gona guda a kan tsutsa ɗaya. Hannun mutum yana zuwa ne ga babba, domin ita ce ido ke gani, kuma manyan suna cinye ƙanana idan sun haɗu, shi ya sa da wuya ka sami fiye da ɗaya ko biyu a mazurari guda. Ba kuma dare ɗaya uwayen suke zuwa ba, don haka gona ɗaya tana iya ɗauke da ƙwai da jarirai da manya a lokaci guda. Gobe da sassafe ka shiga gonar, ka bar layukan bakin iyaka, ka yi tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, ka tsaya a wuri 5 da suka yi nisa da juna, a kowane wuri ka duba masara 10 a jere, jimilla 50. A kowace ka duba ƙarƙashin ganye don ƙwai, ka duba sabbin ganye don kankara, ka leƙa mazurari don ɗanyen kashi, domin busasshen kashi da tsohon rami labarin jiya ne. Ka riƙe takarda ka rubuta guda nawa ne ke da sabuwar ɓarna, kuma a cikinsu nawa ne ke da ƙananan tsutsotsi, nawa ne ke da manya. Ƙa'idar da malaman gona suka fi bi ita ce, a masara ƙarama da ba ta wuce gwiwa ba, idan 10 cikin 50 sun kamu to lokacin ɗaukar mataki ya yi, idan kuma ta girma ta doshi fitar da kai sai adadin ya kai wajen 20 cikin 50.

Idan lissafinka ya nuna mafi yawansu manya ne irin wadda ka turo, shawarata ita ce kada ka zuba kuɗin bashi a feshin gama-gari na kan ganye, domin babbar tsutsa tana can ƙasan mazurari, ta toshe bakinsa da kashinta, maganin ba zai isa gare ta yadda ya kamata ba, ga shi kuma saura mata kwanaki kaɗan ta bar wurin. Ka tara ƙannenka ku bi layi-layi da safe ko da yamma, ku zaƙulo su da hannu ko ku matse mazurarin a hankali, ku kuma murƙushe duk dunƙulen ƙwai da kuka gani. Aiki ne mai gajiyarwa, amma kowace babba da kuka kashe yau, idan mace ce, kun hana ƙwai fiye da 1,000 na zagaye mai zuwa. Idan kuwa ka tarar ƙanana sun fi yawa kuma adadin ya kai ƙa'idar da na faɗa, to feshi yana da amfani, kuma a yi shi da yamma lis lokacin da suke fitowa ci, a saita bakin injin cikin mazurarin kowace masara. Ka nemi maganin da aka rubuta sunan wannan tsutsa a jikin kwalbarsa, irin masu sinadarin emamectin benzoate, ka bi ma'aunin da ke rubuce ba tare da ƙari ba, ka rufe hanci da baki da hannu. Kuɗin da ka adana yanzu ka riƙe shi don mako na uku daga yau, kana duba gonar sau biyu a mako, kana neman ƙwai da kankara.

Game da ƙananan da za ka samu gobe, ka sani cewa a mataki na 1 da na 2 babu wanda zai iya faɗa maka sunan tsutsa daga hoton waya da gaskiya, domin tsawonta bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, zanen goshi bai fito ba, ɗigon gindi kuma sai da gilashin ƙara girma, kuma jariran tsutsotsi da yawa kamanninsu ɗaya. Hanyar da ta fi ita ce ka ɗebi biyar ko shida, ka sa kowace a robarta ita kaɗai don kada su cinye juna, ka rufe bakin da ƙyalle mai shan iska, ka ajiye a inuwa, kana sauya musu ɗanyen ganyen masara kowace safiya. Cikin kwana 3 zuwa 7 za su kai mataki na 4, alamomin su bayyana. Idan ka duba ƙasan robar da kyau za ka riƙa ganin ɗan ƙoƙon kan da ta yar bayan kowace saɓa, kamar ƙwayar baƙin yashi, kuma da ƙirga su za ka san saɓa nawa ta yi a hannunka.

Idan za ka sake turo hoto, ka goge gilashin kyamarar tukuna, ka ɗora tsutsar a kan farar takarda a inuwa mai haske, ka ajiye ashana ko rular 'yan makaranta dab da ita a kan takardar, ka jira ta warware ta fara tafiya. Kada ka kai wayar kusa har hoton ya dushe, gara ka ja baya kamar taki ɗaya na hannu, ka taɓa kan tsutsar a allon wayar don kyamara ta tsaya a kanta. Ina buƙatar ɗaya daga sama tsaye wanda ya nuna dukan bayanta, ɗaya daga gaba wanda ya nuna goshi, ɗaya kuma na gaɓoɓin ƙarshe, sai na mazurarin da ka ciro ta. Idan ta WhatsApp za ka turo, ka aiko su ta hanyar Document, domin hanyar hoto ta yau da kullum tana rage ingancinsa har ɗigon gindi su narke. Ka haɗa da ranar da kuka yi shuka da adadin da ka ƙirga cikin 50 ɗin nan, manya nawa, ƙanana nawa, sai mu tsayar da ranar da ya kamata ka fara sa ido ga sabbin ƙwai. Ka gaishe mini da Baba da jiki.